Kati Ashirin a Aljihun Tebur

A asibitin ba wanda ke kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Cikin-Nawa ake ce masa, tun daga masu shara har babban likita, kuma yana amsawa. Laƙabin ya samo asali ne daga halinsa. In ka shigo ofishinsa da murna ka ce marasa lafiya tamanin sun warke, ba zai taya ka murna ba sai ya sauke tabarau zuwa ƙarshen hanci ya tambaye ka, "Cikin nawa?" Tamanin cikin casa'in abin a yi barka ne, tamanin cikin dubu kuwa abin a kira taro ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wannan tambaya a matsayin jami'in ƙididdiga, har ta bi shi gida. Matarsa ta taɓa ce masa ƙwai uku sun fashe a hanyar kasuwa, ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu ta ce, "Dozin ne, malam, ka huta."

Ofishin nasa ɗaki ne ƙarami a ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiyar katuna. Akwai tebur ɗaya, kujera biyu, kwamfutar da sai ta yi nishi kafin ta tashi, da fanka mai juya kai gefe guda kawai. A kan tebur akwai wata tsohuwar na'urar lissafi ta hannu wadda lambar bakwai ta goge a jikinta. Kwamfuta na iya yi masa komai, amma sai ya fara yi da hannu a takarda, sannan ya bari injin ya tabbatar. Ya ce shi ba ya sa hannu a kan lambar da bai san ta inda ta biyo ba. Mutum ne siriri, mai tafiya a hankali, mai hawan jini, mai mantuwar shan magani. Ba shi da abokai da yawa a wurin aiki, ba kuma shi da abokan gaba, illa dai mutane kan ɗan ja numfashi kafin su ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Su biyu iyayensu suka bari, shi da ƙanwarsa, wadda ya girme wa da shekara goma sha ɗaya. Yana ce mata Auta, tana ce masa Yaya. Ita ce babbar nas a sashen masu tarin fuka na wannan asibitin, inda kowa ke ce mata Sista. Ba su yi kama ba ko kaɗan. Ita mai ƙiba ce, mai sauri, mai murya, tana iya yi wa mara lafiya faɗa ta kuma raka shi har bakin titi ta tare masa mota. Kullum ƙarfe bakwai na safe wayarsa kan yi ƙara. "Yaya, ka sha?" Ya ce ya sha, ko ya yi shiru, ta gane, ta ce ya tashi yanzu tana kan layi. Shekara shida ana haka.

Tarin fuka ne ya kashe mahaifiyarsu. Lokacin yana sabon ma'aikaci, Auta tana makarantar sakandare. An ɗora Inna a kan magani, ta sha na wata uku, tari ya lafa, nama ya dawo mata, sai ta tura sauran ƙwayoyin ƙarƙashin katifa ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ba wanda ya bi sawunta daga asibiti. Da ciwon ya dawo, ya dawo da ƙarfinsa. Su biyun ba sa yawan maganar, amma shi ya san dalilin da ya sa Auta ta zaɓi wannan sashe, wanda sauran nas-nas ke gudu.

Maganin wata shida ake sha, kuma a nan matsalar take, domin mutum da ya ji sauƙi sai ya ɓace. Auta ta daɗe tana kiran wasu daga cikin majinyatanta a waya don kanta, ta kuma yi imanin kiran yana riƙe su. Ta kai maganar gaban kwamitin asibiti, tana so a buɗe ɗakin kira na dindindin. Kwamiti ya ce a gwada tukuna. Aka ara mata nas biyu daga wasu sassa, aka ba ta wani ɗaki da wayoyi biyu, da sharaɗin cewa in gwaji ya nuna amfani ɗakin ya zauna, in bai nuna ba nas ɗin su koma inda aka ɗauko su, inda dama ake kukan rashin hannu.

Cikin-Nawa ne ya tsara gwajin. Majinyata ɗari huɗu, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Shi da kansa ya shirya ambulan ɗari huɗu ya liƙe, kowace da takarda a ciki, rabi an rubuta "a kira", rabi "kada a kira", ya jera su yadda ba mai iya hasashen abin da ke tafe. Duk sabon majinyacin da ya amince ya shiga, a buɗe ambulan ta gaba. Masu "a kira" za a riƙa buga musu waya sau biyu a mako, sauran kuma a kula da su kamar yadda aka saba. A ƙarshe a ƙirga waɗanda suka kammala wata shida a kowane rukuni, a kwatanta kason biyu da gwajin da masu ƙididdiga ke kira z. Ya rubuta ƙa'idar a takarda tun kafin a buɗe ambulan ko ɗaya: sai z ya wuce 1.96, ko ta wannan ɓangare ko ta wancan, za a ce an ga bambanci. Kowa ya sa hannu, har da Auta, wadda ta ce, "Yaya, ko da ido ma za ka gani."

Aka shekara biyu ana aiki. A wata Talata da hantsi ta shigo ofishinsa ba sallama, ta ajiye masa takarda a kan tebur, ta zauna a ɗaya kujerar tana fifita da fayil. Kwamiti zai zauna ran Alhamis.

Takardar ta ce waɗanda ba a kira ba, ɗari da arba'in suka kammala cikin ɗari biyu, kashi saba'in cikin ɗari ke nan. Waɗanda aka kira, ɗari da hamsin cikin ɗari da tamanin, kashi tamanin da uku da ɗoriya.

"Likitan sashenmu ya buga a kwamfutarsa," ta ce. "Z ɗin naka ya haura uku. Uku, Yaya! Sa hannunka kawai ya rage."

Ya jawo na'urarsa ya bi lissafin, ya samu 3.05. Likitan bai yi kuskure ba. Ya ji daɗi a ransa, daɗi na gaske, na ɗan lokaci. Sai idonsa ya koma kan layi na biyu, tabarau ya sauka.

"Auta, ambulan ɗari biyu na liƙe masu 'a kira'. Ina ashirin?"

"Au, waɗannan. Ai ba a kira su ba. Wasu layinsu a kashe, wasu lambar maƙwabci suka bayar, wasu ba su da wayar ma. Muka ware katunansu. Yaya za a ce an gwada kira a kan wanda ko sau ɗaya bai ji muryarmu ba?"

Ta faɗa ne hankali kwance, ba tare da tunanin ta yi laifi ba. Ya san ba ƙarya ta shirya ba. A wurin nas, wanda ba a yi wa allura ba ba a rubuta an yi masa. Gaskiyar aikinta ce ta sa ta cire su.

Suka tafi ɗakin kiran tare. Ɗaki ne mai taga ɗaya, da tebur biyu, da kalanda cike da alamun jan biro. Ɗaya daga cikin nas ɗin, wata doguwa mai sanyin murya, ta jawo aljihun tebur na ƙasa ta ciro katuna a ɗaure da roba. Ya zauna ya duba su ɗaya bayan ɗaya da rajistar karɓar magani. Cikin ashirin ɗin, huɗu ne suka kammala. Sha shida sun ɓace tun wata na biyu ko na uku.

Ya koma ofishinsa, tana biye da shi, ya juya takardarta ya yi aikin a bayanta. Ɗari da hamsin da huɗu cikin ɗari biyu, kashi saba'in da bakwai. Ɗaya rukunin yana nan a saba'in. Bambancin ya sauko daga sha uku zuwa bakwai. Sannan ya yi abin da gwajin ya ƙunsa: ya ɗauka cewa kiran ba ya ƙara komai, ya haɗe rukunin biyu wuri guda, ɗari biyu da casa'in da huɗu cikin ɗari huɗu, wato 0.735. Ya ninka wannan da abin da ya rage, 0.265. Ya ninka sakamakon da ɗaya bisa ɗari biyu a tara da ɗaya bisa ɗari biyu. Ya danna maɓallin da ke fitar da lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wannan, na'ura ta nuna 0.044. Ya raba 0.07 da ita. Ya rubuta 1.59, ya ja layi a ƙarƙashi.

"Me hakan ke nufi?" ta tambaya, ko da yake ta riga ta ga fuskarsa.

"Ko da kiranki bai taɓa canza komai ba, ƙuri'a kaɗai kan sa rukuni biyu irin waɗannan su sha bamban da maki huɗu da ɗoriya, wani lokaci sama, wani lokaci ƙasa. Namu bakwai ne, bai kai ninki biyu na wannan ba. Bambanci mai girman haka ko fiye, dace kawai kan kawo shi kamar sau goma sha ɗaya cikin ɗari. Mu kuwa mun ce sai ya gaza biyar cikin ɗari."

"To ka ce kiran ba ya aiki ke nan."

"Ban ce ba. Mai yiwuwa yana aiki. Abin da ke hannunmu ya yi daidai da ƙarin da ya kai maki goma sha biyar, ya kuma yi daidai da babu komai, har da ɗan ragi. Ba mu nuna ba ne kawai."

Ta miƙe, ta rufe ƙofar, ta dawo. Muryarta ta yi ƙasa, abin da ba ta saba ba.

"Yaya, ashirin ɗin nan ba mu kira su ba. Wallahi ba mu kira su ba. Ka hukunta aikin da na yi, ba wanda ban samu yi ba."

"A ɗaya rukunin ma akwai irinsu," ya ce. "Masu layi a kashe, masu lambar maƙwabci. Ƙuri'a ta zuba su can kamar yadda ta zuba su nan. Amma can ba wanda ya buga musu waya, don haka ba wanda ya gane su balle ya ware katinsu. Suna cikin ɗari biyun, suna jan kason ƙasa. Kin tsince naki, kin bar musu nasu. Kuma kin ga su waye: huɗu cikin ashirin. Su ne dama suka fi ɓacewa."

"Likita ya ce akwai gwajin ɓangare ɗaya, wanda layinsa bai kai wannan nisa ba."

"Akwai. Layinsa 1.645 ne, ko shi ba mu kai ba. Da mun kai ma, ba bayan an ga sakamako ake zaɓen layi ba. Ga sa hannunki nan."

Ta dube shi. "Saboda Inna nake yi, ka sani."

Ya sani. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Bai so ya faɗi abin da ya faɗa ba, ya kuma yi ta juya shi a ransa daga baya.

"Inna ba ta taɓa riƙe waya ba, Auta. Da ita ce aka buɗe wa ambulan mai 'a kira', a aljihun teburin nan katinta zai ƙare."

Ta ɗauki fayil ɗinta ta fita. Katunan ashirin ta bar masa a kan tebur, da robarsu.

Da yamma ya ba matarsa labari a taƙaice, tana yanka albasa. Ta ce ƙanwarsa ce guda ɗaya a duniya, mutum ashirin cikin ɗari huɗu wa zai lura? Ya ce shi ya lura. Ta ce ai ta san haka, tun da ta aure shi take fama, ta miƙa masa wuƙa ya ƙarasa yankan tunda shi ba ya hawaye.

Ran Laraba ƙarfe bakwai wayarsa ba ta yi ƙara ba.

Ran Alhamis kwamiti ya zauna a ɗakin taro na sama, mutum tara a kewaye da dogon tebur, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a bokiti. Cikin-Nawa ya zo da rahotonsa shafi biyu, ya zauna a ƙarshen tebur inda ya saba. Babban likita, wanda ya riga ya ji ƙishin-ƙishin cewa sakamako ya yi kyau, ya juya wurin Auta da fara'a.

"To, Sista, mutum nawa suka kammala a cikin naki?"

"Ɗari da hamsin da huɗu, ranka ya daɗe," ta ce. Ba ta kalli yayanta ba. "Cikin ɗari biyu. Da farko na ware ashirin da ba mu samu a waya ba. Kuskurena ne, an mayar da su."

Sai aka juyo gare shi. Ya karanta lambobin da murya ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar mai karanta jerin kayan sito. Ya ce z ya tsaya a 1.59, bai kai layin da aka shata ba. Ya ƙara da cewa wannan ba hujja ba ce ta cewa kira ba shi da amfani, gwajin ne ya yi ƙanƙanta. In bambancin gaskiya maki bakwai ne, ana buƙatar mutum sama da ɗari shida a kowane rukuni kafin a sami kyakkyawar damar kama shi. Ya ba da shawarar a haɗa kai da wasu asibitoci a sake, a kuma yi tunanin abin da za a yi wa marasa waya tun daga farko.

Shugabar nas-nas ta ce ɗakin haihuwa ya shekara biyu yana jiran a mayar masa da ma'aikaciyarsa, ba zai jira wasu huɗu ba. Wani likita ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce, an sa hannu. Babban likita ya ce za a duba shawarar haɗin gwiwa nan gaba, kowa a ɗakin ya san ma'anar "nan gaba". Aka rufe ɗakin kira daga ƙarshen wata. Taron bai kai minti arba'in ba, aka wuce batun gyaran famfon ɗakin wanki.

A kan matakala likitan sashen tarin fuka ya tarar da shi, ya ce masa cikin raha da ɗan ɗaci, "Malam, kai ko ƙanwarka ba ka ragawa." Cikin-Nawa ya ce lambar ba ta san ƙanwarsa ce ba. Ya ji maganar ta fito da taurin da bai yi nufi ba, amma likitan ya riga ya wuce.

Washegari Cikin-Nawa ya ɗauki katunan ashirin ya kai ɗakin ajiya, ya saka kowanne a gurbinsa cikin sauran. Ya kwafe adireshin sha shidan da suka ɓace a takarda, ya ba doguwar nas ta kai wa Sista, ba tare da wani saƙo ba. Daga baya ya ji an ce Auta ta bi gidajen da ƙafarta a ranakun hutunta, ta samo biyar, uku sun dawo magani. Bai rubuta wannan a ko'ina ba, don ba ya cikin gwajin, amma ya riƙe lambar a kansa.

Suna haɗuwa a baranda, ta gaishe shi yadda ƙanwa ke gaida yaya a gaban mutane, ya amsa, kowa ya wuce. Ya yi kewarta ƙwarai, bai kuma san yadda ake faɗin haka ba. Bai yi nadamar 1.59 ba. Maganar aljihun tebur ce ke damunsa, duk da ya san ita ma gaskiya ce. Kullum da safe yakan zauna a bakin gado da waya a gefensa har bakwai ta gota, sannan ya tashi ya shirya. Da yake hali ba ya barin mai shi, sai ya fara yin alama a bayan kwalin maganinsa, ranar da ya sha da ranar da ya manta.

A rana ta goma sha biyu, yana neman takalminsa a ƙarƙashin kujera, wayar ta yi ƙara.

"Yaya."

"Auta."

Yana jin hayaniyar masu jiran magani a bayanta, da wani yana tari.

"Matarka ta ce jiya jiri ya ɗebe ka a banɗaki."

"Ta cika ƙara gishiri." Ya juya kwalin a hannunsa. "Tun da kika daina kira na manta sau huɗu cikin kwana goma sha ɗaya. Da can kuwa ko sau ɗaya a wata da wuya."

"Mutum ɗaya ne kai, ba ƙuri'a, ba rukunin kwatanci," ta ce. "Wannan ba hujja ba ce. Kai ka koya mini."

"Ba hujja ba ce," ya yarda.

"Yau ka sha?"

Ya dubi bayan kwalin, yau ba alama.

"Tashi ka sha. Ina kan layi."

Ya tashi da takalmi ƙafa ɗaya, ya je ya ɗebo ruwa.